Wuri Ya Yi Haske a Hoton PET: Me Yake Nufi?

Idan aka miƙa wa mutum sakamakon hoton PET, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka a asibiti bayan an yi allurar wani sukari na musamman, ya ga wani wuri a jikinsa yana haske, abu na farko da ke zuwa masa shi ne ciwon daji. Wasu tun kafin su ga likita sun riga sun yanke wa kansu hukunci, barci ya ƙaurace musu. A matsayina na ma'aikacin lafiya, wannan fargabar tana damuna ƙwarai, domin abin da hasken ke faɗa ƙanƙani ne: ƙwayoyin halittar da ke wannan wurin suna zuƙar sukari fiye da na kewaye da su. Sunan cutar kuwa sai an nemo shi ta wata hanya.

Kowace ƙwayar halitta a jiki tana samun ƙarfi daga sukarin da ke cikin jini, wato gulukos. Tun a shekarun 1920 wani masanin kimiyya ɗan Jamus, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin ciwon daji suna cin gulukos da yawa fiye da lafiyayyu. A kan wannan halin nasu aka gina gwajin. Ana haɗa wani sukari mai kama da gulukos, a maƙala masa sinadarin fuloorin mai fitar da rediyeshin. Shi ne za ka ga an rubuta FDG a takardar sakamako. Idan aka yi allurarsa ta jijiya, ƙwayoyin jiki sukan ɗauke shi kamar sukarin da suka saba. Da ya shiga sai ya maƙale, domin ba sa iya ƙona shi har ƙarshe, kuma ba ya saurin fita. Saboda haka duk inda ake yawan cin sukari, can zai taru. Daga nan yana sakin haskoki biyu-biyu da ido ba ya gani, ɗaya ya yi nan ɗaya ya yi can, zoben na'urar ya kama su, kwamfuta ta lissafa inda suka fito. Yawanci ana haɗawa da hoton CT, wanda ke nuna siffar gaɓoɓin cikin jiki, a lokaci guda, don a san ko hasken a huhu yake, ko a ƙashi, ko a kaluluwa.

Wannan ne ya sa ake tsananta sharuɗɗa kafin gwajin. Ana cewa kada ka ci komai na awa 4 zuwa 6, ruwa zalla kawai, domin idan jini ya cika da sukarin abinci, shi zai riga FDG shiga ƙwayoyin, ƙarin da ake nema ya dushe. Kafin allura za a gwada sukarinka, kuma wurare da yawa sukan ɗage gwajin idan ya haura 200 mg/dL. Mai ciwon sukari ya faɗa tun ranar da aka ba shi lokaci, a tsara masa yadda zai yi da magani ko insulin. Bayan allura za a kwantar da kai kusan awa 1, ba yawo, ba surutu, ba tauna, saboda duk tsokar da ta yi aiki za ta ja sukarin ta yi haske. Ko sanyi yana ɓata hoto, domin akwai wani kitse a wuya da kafaɗu da ke ƙona sukari don ɗumama jiki. In ka ji sanyi ka nemi bargo, kada ka daure.

Akwai kuma wuraren da ke haske a jikin lafiyayyen mutum. Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki dare da rana, don haka kullum tana haske sosai. Ƙoda da mafitsara suna haske saboda ta fitsari sinadarin ke fita. Zuciya wani lokaci ta yi, wani lokaci ba ta yi. Hanjin mai shan metfomin, maganin ciwon sukari, ma yakan yi.

Inda maganar ta fi wuya shi ne kumburi. Fararen ƙwayoyin jini, idan suna yaƙi da cuta ko suna gyaran rauni, su ma cin sukari suke yi ba ƙaƙƙautawa. A idon na'urar, su da ƙwayoyin daji duk haske ne. Kamar ka hango hayaƙi ne daga nesa: ka tabbata akwai wuta, amma ko girki ake yi ko gobara ce, sai ka matsa kusa.

A ɗauki misalin mutum mai shekara 55, ya daɗe yana shan taba, ya yi wata 2 yana tari yana ramewa. Hoton CT ya nuna ƙullutu mai faɗin santimita 2 a saman huhun dama. Aka yi PET, ƙullutun ya yi haske, takarda ta ce SUVmax 6. Wannan lambar tana auna yawan sukarin da ya taru a wurin, idan aka kwatanta da yadda zai kasance da ya bazu daidai a duk jiki. An daɗe ana amfani da 2.5 a matsayin iyakar da ake fara zargi a ƙullutun huhu, don haka 6 abin a bi diddigi ne. Sai dai tarin tibi yana son saman huhu, yana kawo tari da rama, kuma yana iya ba da 6 ko fiye. Lambar ita kaɗai ba za ta raba su ba. Likita zai sa a gwada majina, ya duba siffar ƙullutun a CT, sannan a ɗebo ɗan tsoka daga wurin a duba a ɗakin gwaji. Wannan gwajin tsokar shi ke yanke hukunci.

To me PET ya ƙara a nan? Ya duba jiki tun daga gindin kai har cinya. Da wata kaluluwa a gindin wuya ta yi haske, daga can za a ɗebo tsokar, domin ta fi huhu sauƙin kaiwa, kuma in daji ne za ta nuna inda ya kai. In kuwa babu haske ko'ina sai ƙullutun, kuma ya tabbata daji ne, akwai yiwuwar a cire shi da tiyata. A ce kuma hammatarsa ta hagu ta yi haske. Kafin a ce cutar ta bazu, sai a tambaye shi ko an yi masa allurar rigakafi a wannan hannun kwanan nan, domin hakan kaɗai yana sa kaluluwar hammata haske na makonni. Shi ya sa nake roƙon kowa ya faɗi duk abin da ya same shi kwanan nan: tiyata, cire haƙori, maruru, faɗuwa, zazzaɓi. Bayan an gasa ciwon daji da rediyeshin ma akan jira wata 2 zuwa 3 kafin a maimaita hoton, saboda kumburin da gashin ya bari.

Rashin haske shi ma ba ya wanke mutum gaba ɗaya. Ƙullutun da bai kai santimita 1 ba yana iya ɓoyewa, kuma wasu nau'o'in daji masu girma a hankali, kamar yawancin dajin furosteti, wata gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara, ba sa cin sukari sosai. In likita ya ce a dawo a maimaita CT bayan wasu watanni duk da PET bai nuna komai ba, a dawo.

Rediyeshin ɗin ba ya daɗewa a jiki. Duk minti 110 rabinsa ke mutuwa, don haka bayan awa 9 abin da ya rage wajen kashi 3 cikin 100 ne kawai, ga kuma wanda fitsari ya fitar. A sha ruwa sosai, a ɗan nisanci jarirai da masu juna biyu na wasu awoyi. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ko mai shayarwa, ta faɗa kafin a yi mata allurar.