Matashin da ya goge Stop Loss, dala 10 ta zama 250

Malam, a kasuwar saye da sayar da kuɗin ƙasashen waje kullum ana cewa kada a taɓa Stop Loss, wato iyakar asara da ke rufe ciniki da kanta idan farashi ya kai ta. In na goge shi na jira farashi ya dawo, me zai faru?

Ƙanena, bari in ba ka misali da wani matashi mai dala 500 a asusunsa. Dokar da ya kafa wa kansa ita ce, ba zai yi asarar da ta wuce kashi 2 cikin ɗari a ciniki guda ba, wato dala 10. Ya sayi EUR/USD, wato ya sayi Yuro da dala, a kan 1.0850 da girman ciniki 0.05, inda kowane maki, wato motsin 0.0001 a farashi, yake daidai da rabin dala, ya sa Stop Loss a 1.0830. Maki 20 ke nan, dala 10 cif.

Da farashi ya sauko 1.0835, sai zuciya ta ce masa ai yanzu zai juya. Ya goge. A 1.0800 ma sai ya ƙara sayen 0.20, wai ya samu araha. Ranar Juma'a ce ta farkon wata, ranar da Amurka ta saba fitar da rahoton samar da ayyuka, dala kuwa ta yi ƙarfi, farashin EUR/USD ya ci gaba da faɗuwa. Sai da farashi ya kai 1.0710 ya haƙura ya rufe, hannu na rawa. Cinikin farko ya ci dala 70, na biyu ya ci 180. Rabin jarinsa ya tafi, kuma kafin ya koma 500 sai ya ninka abin da ya rage.

To ai wani lokaci farashin yana dawowa.

Yana dawowa, kuma nan ne tarkon. Wanda ya goge ya tsira yakan ɗauka dabara ya gano, gobe ya sake. A lissafin matashin nan, ko sau ashirin ya tsira da dala 10, rana ɗaya ta kwashe fiye da haka. A ganina ƙarin sayen ya ma fi gogewar muni, domin shi ya mayar da kowane maki daga rabin dala zuwa biyu da rabi. Yanzu yaron yana sa iyakarsa tun kafin ya shiga, lokacin da kansa ke sanye, kuma ba ya matsar da ita sai ta ɓangaren da zai rage asara.

Ke nan in na bar shi na tsira?

Ba ɗari bisa ɗari ba. Idan farashi ya yi tsalle, ana rufe maka ne a farashin da aka samu. Ranar 15 ga Janairu 2015, babban bankin Switzerland ya janye iyakar 1.20 da ya sa wa EUR/CHF, wato farashin Yuro a kuɗin Switzerland, farashin ya faɗi nan take, aka rufe wa mutane da yawa nesa da inda suka sa, wasu har suka tashi da bashi a wuya. Shi ya sa ake rage girman ciniki, ko a fita gaba ɗaya, kafin babbar sanarwa.