Don Allah ku daina rubuta lamba ba ma'auni a lissafin sitires

Ɗalibanmu na fannin gini da kanikanci a nan Sakkwato, da ku matasan da ke duba aiki a wuraren gini, kuskure ɗaya ne yake ta dawowa a takardunku. Kun san σ = F/A, wato sitires shi ne ƙarfi a raba da faɗin fuskar yanka, wannan ba matsala. Matsalar ita ce ku rubuta lamba tsirara ba ma'auninta a gefe, ku danna kalkuleta, sannan ku manna MPa a ƙarshe kamar ado.

Ku riƙe wannan: 1 MPa = 1 N/mm². In ƙarfin yana niyuton, faɗin fuskar yankan kuma yana murabba'in milimita, amsar za ta fito a megafaskal da kanta, ba sai an juya komai ba.

Mu ɗauki rodi mai kaurin 12 mm da ake ja da 20 kN, wajen nauyin buhun siminti 40 ke nan. Faɗin fuskarsa π × 12² ÷ 4, wato 113 mm². A mai da 20 kN zuwa 20,000 N, a raba da 113, a sami 177 MPa. Rodin ƙarfe mai laushi yana fara miƙewa a wajen 250 MPa, kun ga ya ɗauki kaya sosai.

To me muke gani? Wani ya rubuta 20 ÷ 113, ya sami 0.177, ya ja layi ƙarƙashi. Haba 'ya'yana! Wannan 20 ɗin kiloniyuton ne, kun jefar da 1,000 a hanya. Wani kuma don nuna ƙwarewa sai ya ce zai koma mita, ya raba 113 da 1,000 ya rubuta 0.113 m². Milimita 1,000 ne a mita, gaskiya, amma murabba'i tsawo da faɗi gare shi, don haka 1 m² = 1,000,000 mm². Shi ma 0.177 MPa zai samu. Abin da ya fi damuna ke nan: biyun su gwada amsa, su ga ta zo ɗaya, hankalinsu ya kwanta.

Ku tsaya ku dubi amsar mana. In 0.177 gaskiya ce, wannan rodin da bai fi ɗan yatsa kauri ba, zai ɗauki sama da tan 2,000 kafin ya miƙe. Alhali a wajen 28 kN zai fara sakewa, bai kai tan 3 ba.

Na san gaggawar jarrabawa ke sa ku haka, amma rubuta ma'auni bai cin minti ɗaya. Kafin ku taɓa kalkuleta, kN ya koma N, tsawo duka ya koma mm, kNm ku ninka shi da 1,000,000 ya zama Nmm, kowane layi da ma'auninsa. Sannan ku gwada amsar da abin da kuka sani: kankaren gini na yau da kullum 20 zuwa 30 MPa, rodi 250 zuwa 500.