Mene Ne Wat-awa, Kuma Waya Nawa Ƙaramin Sola Zai Cika a Rana?

Ƙanena ya tara kuɗinsa ya sayi farantin sola mai wat 50 domin ya buɗe teburin cajin waya a bakin tasha. Ranar da ya kawo shi gida ya zo mini da lissafinsa a bayan takardar rasit. Ya ce, "Yaya, ka ga rana tana yin awa 12 a sama. Idan ka ninka 50 sau 12 ka samu 600. Caja kuma wat 10 take ci, ka ga waya 60 ke nan kullum." Haka mai shagon ya lissafa masa. Mako bai cika ba ya dawo ransa a ɓace, domin kafin magariba batir ya mutu, wayoyin mutane na zube a kan tebur, kuma bai taɓa cika goma a yini guda ba.

Farantin lafiyarsa ƙalau. Inda aka samu tangarɗa shi ne wajen haɗa abubuwa biyu da sunansu ya yi kama: wat da wat-awa. Wat, wanda ake rubutawa W a jikin kaya, ƙarfin gudun wuta ne a wannan lokacin da kake kallo, kamar yadda ruwa ke zubowa daga bakin famfo. Wat-awa kuwa, wato Wh, shi ne abin da ya taru a cikin jarka bayan ruwan ya ɗauki lokaci yana zuba. Caja mai wat 10 idan ta yi aiki awa ɗaya ta sha wat-awa 10, idan ta yi awa biyu da rabi ta sha 25. Mai sana'ar caji jarka yake sayarwa, saboda haka da wat-awa zai yi lissafinsa.

Sai kuma maganar awannin rana, wadda ta fi ruɗa mutane. Lambar 50W da ke bayan faranti an auna ta ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana da sanyin digiri 25. Irin wannan haske sai wajen tsakar rana ake samunsa. Ranar hantsi da ta la'asar sakaliya a karkace suke zuwa, abin da suke bayarwa kaɗan ne. Don haka masu harkar sola sukan tattara hasken yini gaba ɗaya su ce daidai yake da awa kaza na rana tsaka. Wannan ne ake nufi da awannin rana. A Kano, Katsina, Sakkwato ko Damagaram adadin yakan kama tsakanin biyar da shida, ya ragu a watan Agusta lokacin da hadari ke rufe sama, da kuma ranakun da hazon hunturu ya yi kauri. Ni da biyar nake lissafi, domin gara a samu rara da a ji kunyar mai waya.

To, 50 sau 5 ya ba da wat-awa 250. Amma ba duka ne ke isa hannunka ba. Faranti ba ya son zafi; idan ya wuce digiri 25, kowane ƙarin digiri ɗaya yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Ka taɓa bayansa da azahar a watan Afrilu, a kan rufin kwano, za ka janye hannu da sauri, domin yakan kai digiri 60. Wannan kaɗai ya cinye kusan kashi 14. Ƙura ta ci nata, kwantirola mai daidaita cajin batir da wayoyin haɗi su ci nasu, batir ma ba ya mayar da duk abin da aka zuba masa. Idan komai yana tafiya daidai, ka ɗauka kashi 70 ne zai rage maka, wato wat-awa 175.

Yanzu mu duba cikin wayar. Yawancin manyan wayoyin da ake kawowa caji batirinsu 5000mAh ne, a kan bolt 3.85 ko kusa da haka. 5000mAh daidai yake da 5Ah, wato amp-awa 5, don haka ka ninka 5 da 3.85, ka samu wat-awa 19 da ɗan wani abu. Sai dai kafin 19 ta shiga, caja da wayar kanta sun ɓatar da wani kaso, shi ne ɗumin da kake ji a jikinsu. Saboda haka cika irin wannan waya daga mutuwa har ɗari yana cin kimanin wat-awa 25. Lissafin a taƙaice:

```
50W × 5h × 0.7 = 175Wh
175Wh ÷ 25Wh = 7
```

Waya bakwai ke nan, a inda aka yi masa alkawarin 60. Idan masu kawowa ba a mace suke kawo ta ba, kuma suna karɓa kafin ta cika taf, za a iya kai tara ko goma. Ƙananan wayoyi masu madanni, masu batir 1000mAh, kowace kusan wat-awa 5 take ci, don haka wannan farantin zai cika sama da 30 daga cikinsu. Shi ya sa mai caji a ƙauye da mai caji a bakin makarantar gaba da sakandare ba za su samu riba ɗaya da faranti iri ɗaya ba.

Ina amfanin lambar da ke jikin caja, to? Idan ka ga an rubuta 5V 2A, wato bolt 5 da amp 2, ka ninka su, wat 10 ke nan. Wannan lamba tana gaya maka saurin caji ne da kuma yawan wayoyin da za ka jona a lokaci guda. Farantin wat 50 da tsakar rana abin da yake bayarwa a zahiri bai fi 35 zuwa 40 ba, ka ga caja uku masu wat 10 zai ɗauka ba tare da ya taɓa batir ba. Caja mai sauri ta wat 33 za ta sallami mai waya da wuri, amma wat-awar da wayar za ta sha tana nan yadda take, kuma adadin yini bai ƙaru ko da ɗaya ba.

Abin da ya fi cutar ƙanena ma wata ƙaramar inbata ce da yake kunnawa tun safe. Irin waɗannan sukan sha wat 5 zuwa 10 ko ba a jona musu komai ba. Ka bar ta awa goma, ta cinye maka cajin waya biyu zuwa huɗu a banza, sannan ga asarar mayar da wutar batir ta gida, caja kuma ta sake mayar da ita ƙarama. Muka cire ta, muka sa caja irin ta mota mai ramukan USB, wadda ke ɗaukar wuta kai tsaye daga bolt 12. Batirinsa kuma 12V 18Ah ne, wato wat-awa 216, amma batir mai ruwan asid rabinsa kawai ake sha idan ana son ya yi ƙarko. Na ce masa bayan faɗuwar rana kada ya karɓi fiye da manyan wayoyi huɗu.

Duk mai shirin saye, ya juya farantin ya karanta takardar bayansa. Vmp, wato bolt ɗin farantin, sau Imp, wato amp ɗinsa, ya kamata ya ba da Pmax, wato wat ɗinsa. A na wat 50 za ka ga kamar 18V da 2.78A. Ya kuma dubi girmansa, domin wat 50 na gaske yana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na murabba'in mita. Wanda bai fi faɗin faifai ba amma an buga masa 50W, a bar wa mai shago kayansa. Nasa ƙanen nawa mun ɗaga shi daga jikin kwano da taƙi guda don iska ta riƙa ratsawa, muka karkatar da shi kaɗan yana kallon kudu, kuma kowace safiya a hunturu yakan goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kafin ya karɓi wayar farko.