Yankan haraji daga albashi

Yankan haraji daga albashi tsari ne da doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata, ko gwamnati ce ko kamfani ko makaranta mai zaman kanta, cewa ya cire harajin kuɗin shiga daga albashin ma'aikacinsa tun kafin ya biya shi, sannan ya kai abin da ya cire ga hukumar haraji da sunan wannan ma'aikaci. A takardar albashi ana ganinsa a layin da aka rubuta PAYE. Harajin na ma'aikaci ne, daga guminsa yake fita. Mai ɗaukar aiki ɗan aike ne kawai, kuma kuɗin amana ne a hannunsa daga ranar da ya yanka har ranar da ya miƙa.

Asali da dokar da ke bayansa

Birtaniya ta fara wannan tsari a 1944, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya jawo ɗimbin ƙananan ma'aikata cikin masu biyan haraji, aka ga ba za su iya tara kuɗi su biya a dunƙule ba. A Nijeriya, dokar harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane ta 1993, wadda aka yi wa babban gyara a 2011, ita ce ta daɗe tana tafiyar da shi. A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, kuma da ma'auninsu ake lissafi yanzu.

Tarayya ce ke yin dokar, amma jiha ce ke karɓar kuɗin. Abin da ake dubawa shi ne inda ma'aikaci yake zaune, ba inda hedikwatar kamfaninsa take ba. Ma'aikacin banki da ke zaune a unguwar Mabera ko Arkilla a garin Sakkwato, harajinsa na hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Sakkwato ne, ko da daga Legas ake turo masa albashi. Haka malamin jami'a ko ma'aikacin asibitin tarayya da ke cikin garin. Akwai 'yan rukunai da aka keɓe wa hukumar tarayya, kamar 'yan sanda da jami'an ma'aikatar harkokin waje.

Me ya sa ake yanka kafin a biya

Dattawan ƙasar Sakkwato sun san yadda ake karɓar haraji da jangali a da: mai unguwa da dagaci da hakimi suna bin mutane gida-gida da ruga-ruga, wani ya biya, wani ya yi ƙaura kafin a iso. Bin mutum ɗaya-ɗaya aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Albashi kuwa ta ƙofa ɗaya yake fita, a rubuce yake, kuma akawun da ke shirya shi ya san adadinsa har kwabo. Hukuma ta tsare wannan ƙofa ɗaya ya fi mata sauƙi a kan ta bi ma'aikata ɗari biyar da suka watse cikin gari.

Akwai kuma halin kuɗi a hannun ɗan Adam. Albashin da ya shigo ranar 25 ga wata, kafin 10 ga wata mai zuwa ya tafi ga hatsi da cefane da kuɗin makaranta. In aka ce ma'aikaci ya kawo harajin shekara a dunƙule a watan Disamba, kaɗan ne za su iya, ko da suna da niyyar biya. Raba shi gida goma sha biyu ya sa nauyin ya ɗauku. Ita ma jiha tana samun kuɗi kowane wata, ba sai ta jira ƙarshen shekara ba, shi ya sa a mafi yawan jihohin Nijeriya wannan haraji ne kaso mafi tsoka a kuɗin shigar cikin gida.

Wannan sauƙi yana da gefensa mara daɗi. Mai albashi ba ya da hanyar kaucewa, alhali ɗan kasuwar da ya fi shi samu nesa ba kusa ba shi ke faɗin abin da ya samu da bakinsa. Ƙorafin da ma'aikata ke yi kan wannan yana da tushe.

Yadda ake lissafi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa ana ɗaukar wani kaso ne kai tsaye daga albashin wata. A gaskiya lissafin na shekara ne. Akawu yana haɗa duk abin da ma'aikaci zai samu a shekara, albashi da alawus-alawus, ya cire abubuwan da doka ta yafe, ya bi da ragowar ta matakan haraji, sannan ya raba sakamakon gida goma sha biyu.

Abubuwan da ake cirewa kafin haraji sun haɗa da gudummawar fansho, wadda dokar fansho ta 2014 ta sa aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, da kuɗin asusun gidaje na ƙasa, da na inshorar lafiya, da na inshorar rai. Sabuwar doka ta soke rangwamen bai-ɗaya da kowa ke samu a da, ta kawo rangwamen haya: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gida da mutum ya biya a shekara, amma kada ya wuce naira 500,000.

Matakan kuwa suna hawa ne. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Naira 2,200,000 da ke biye ana ɗaukar kashi 15, sai naira 9,000,000 na gaba kashi 18, a haka har a kai kashi 25 kan abin da ya haura naira miliyan 50. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 a wata tun 2024, an yafe masa gaba ɗaya.

A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar jinya a wani asibiti mai zaman kansa a Sakkwato, mai karɓar naira 300,000 a wata, wato naira 3,600,000 a shekara. A cikin albashin nata, tushen albashi da alawus ɗin gida da na sufuri sun kama naira 250,000 a wata, kuma a kansu ake lissafa fansho. Kashi 8 na wannan shi ne naira 20,000 a wata, naira 240,000 a shekara. Tana biyan hayar gida naira 400,000 a shekara, don haka rangwamenta naira 80,000 ne. In aka cire waɗannan biyu, abin da haraji zai hau kansa ya zama naira 3,280,000.

Naira 800,000 na farko sun wuce ba a taɓa su ba. Naira 2,200,000 na gaba sun ba da naira 330,000. Saura naira 280,000 ne kaɗai suka shiga matakin kashi 18, suka ba da naira 50,400. Harajinta na shekara ya zama naira 380,400, wato naira 31,700 a wata. Bayan fansho da haraji, abin da zai shiga asusunta shi ne naira 248,300.

Duk da ta taɓa matakin kashi 18, abin da ta biya bai kai kashi 11 na dukan albashinta ba. A nan ake gane cewa maganar da ake yawan ji a ofisoshi, wai ƙarin girma na iya sa albashi ya ragu saboda haraji, ba ta da tushe a wannan lissafi. Babban kaso yana hawa ne kan ƙarin kaɗai. In aka ƙara mata alawus na naira 20,000 a wata, haraji zai ɗauki naira 3,600, ta tafi gida da ƙarin naira 16,400.

Rangwamen haya kuwa ba ya zuwa da kansa. Akawu bai san tana haya ba sai ta faɗa, ta kawo rasidi ko takardar yarjejeniya. A garin da ake yawan kama haya da baki ta hannun dillali, wannan na sa mutane da yawa su yi asarar haƙƙinsu. A misalinmu, rashin kawo shaidar zai ƙara mata naira 1,200 kowane wata, naira 14,400 a shekara.

Daga yanka zuwa miƙawa

Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce harajin da aka yanka a wata ya isa hukuma kafin 10 ga wata mai bi masa ya wuce, tare da jadawalin da ke nuna sunan kowane ma'aikaci, da lambarsa ta biyan haraji, da abin da aka cire masa. Zuwa 31 ga Janairu kuma mai ɗaukar aiki zai gabatar da bayanin shekarar da ta gabata. Wanda bai yanka ba, shi hukuma za ta kama da biyan kuɗin har da tara. Wanda ya yanka ya riƙe, zai biya abin da ya riƙe da tarar kashi 10 cikin 100 da kuɗin ruwa.

A wannan gaɓa ce abubuwa suka fi lalacewa. Ganin PAYE a takardar albashi shaida ce ta cewa an yanka, ba shaida ce ta cewa kuɗin ya isa ba. Ƙananan kamfanoni da makarantu kan juya kuɗin zuwa sayen man janareto ko biyan bashi in abubuwa suka matse, da niyyar mayarwa daga baya. Wani lokaci kuɗin ya tafi, amma ga jihar da hedikwata take, ko an biya shi a dunƙule babu jadawali, ko an rubuta sunan ma'aikaci da lambar wani. Duk ɗaya ne ga ma'aikacin: a littafin hukuma bai biya ba.

Yawanci ba ya ganewa sai ranar da ya nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru uku da suka gabata, kuma ake nema wajen harkar takardun fili, ko kwangila, ko tsayawa takara. A lokacin wataƙila ya bar wurin aikin, ko wurin ma ya rufe.

Hanyar ganewa da wuri ba ta da wuya. Ma'aikaci ya adana takardun albashinsa duka, ya sake lissafin da kansa sau ɗaya a shekara, ya kuma nemi takardar shaidar haraji kowace shekara ko da ba ya bukatarta a lokacin. Alamomin da ya kamata su tsayar da shi su ne a ƙi ba shi takardar albashi, ko harajin ya tsaya a adadi ɗaya alhali albashi ya canza, ko a ce ba a bukatar lambarsa ta haraji. In ya ga ɗaya daga ciki, yana da damar tambayar akawu rasidin biyan watan da jadawalinsa, in bai gamsu ba ya je ofishin hukumar da takardunsa a duba sunansa.

Iyakar tsarin

Yankan albashi yana rufe abin da wurin aiki ya biya ne kawai. Ma'aikacin da ke da shago, ko gidan haya, ko aiki na biyu, doka na son ya bayyana waɗannan da kansa a bayanin shekara zuwa 31 ga Maris, a haɗa su da albashin, a cire abin da aka riga aka yanka, ya cika ragowar. In kuma an yanka fiye da kima, kamar wanda ya bar aiki a tsakiyar shekara bayan an yi masa lissafin wata goma sha biyu, ta wannan bayani ne zai nemi a mayar masa ko a lissafa masa a shekara mai zuwa.