Monita mai faɗi: yadda za ka raba shi, da maganin gem ɗin da ke miƙewa

Na sayi monita mai faɗi, 3440x1440, amma duk abin da na buɗe ya cika sikirin, rabi fili ne kawai. Ya zan yi?

Ka daina cika windo ɗaya a duk faɗin, ba don haka aka yi shi ba. Yawancin shafukan intanet suna tara rubutunsu a tsakiya ne, gefe da gefe kuma fari fes, shi ya sa kake ganin kamar asara ka yi. Idan Windows 11 kake amfani da shi danna Win+Z, zai nuna maka ƴan tsarukan rabo ka zaɓa. Amma ni dai abin da nake ba da shawara shi ne FancyZones, yana cikin PowerToys na Microsoft kuma kyauta ne. Bayan ka saka shi ka danna Win+Shift+` editan zai buɗe, ka yanka sikirin ɗin yadda kake so, daga nan in ka ja windo kana riƙe da Shift sai yankunan su fito, ka sake shi a wanda kake so ya zauna daram.

Gida nawa ya kamata in raba?

Kowa da rabi-rabi yake farawa, kuma a ganina shi ne mafi muni, don layin rabon yana faɗowa daidai gaban hancinka, ka wuni wuyanka a karkace ko hagu ko dama. Gara ka yi uku, tsakiya babba. A faɗin 3440 ka ba tsakiya 1720, kowane gefe 860. Aikin da kake yi ya zauna a tsakiya, imel ko hira a gefe ɗaya, abin da kake leƙawa jefi-jefi a ɗayan. 860 ya ishi shafin karatu amma kar ka sa editan bidiyo a ciki, zai matse.

In ka ga wani windo ya ƙi shiga yanki ko kana riƙe da Shift, galibi an buɗe shi da ikon admin ne, sai ka kunna PowerToys ɗin ma da Run as administrator.

To gem fa? Na buɗe wani, mutanen ciki duk sun yi ƙiba.

Gem ɗin yana zana hoto a 16:9 ne, wato 2560x1440, sai monita ko katin girafik ya ja shi ya cika 3440. An ƙara faɗi kusan kashi 34 cikin ɗari kenan alhali tsayi bai motsa ba. Hanyar ganewa ita ce ka nemi abin da ka san zagaye ne, ƙaramar taswira ko tayar mota, in ya koma kamar ƙwai to miƙewa ce.

Fara duba saitin gem ɗin ko akwai 3440x1440 a ciki, wani lokacin iyakar matsalar kenan. In babu, ka bar shi a 2560x1440 ka hana a ja shi. Mai katin NVIDIA ya buɗe NVIDIA Control Panel, ya shiga Adjust desktop size and position, ya zaɓi Aspect ratio, ya sa Perform scaling on ya zama GPU, sannan ya yi tik a Override the scaling mode set by games and programs don kar gem ɗin ya bi ra'ayin kansa. Mai AMD ya kunna GPU Scaling ya zaɓi Preserve aspect ratio. Za ka samu baƙin gefe na fiksel 440 hagu da dama, kuma wallahi ya fi hoto a miƙe nesa ba kusa ba, tunda tsayin bai canza ba hoton zai fito tas babu dishi-dishi. In duk da haka yana miƙewa, leƙa menu na monitan kansa, shi ma yana da nasa saitin cika sikirin.

Wani kuma bai miƙe ba, amma kamar an matso da kyamara.

Wannan daban ne. Gem ɗin ya karɓi faɗin, amma maimakon ya ƙara maka gani ta gefe sai ya yanke sama da ƙasa, kai da ka sayi babban monita kana ganin ƙasa da abin da mai ƙarami yake gani. In akwai saitin FOV, wato faɗin abin da kyamarar gem ke nuna maka, ka ɗaga shi kaɗan-kaɗan har abin da ke sama da ƙasa ya dawo, in ka ga gefuna sun fara jayewa da yawa ka rage.

Naji ana cire baƙin gefen da wasu manhajoji?

Ana yi, Flawless Widescreen na cikinsu, amma taɓa gem ɗin suke yi. Elden Ring misali a 16:9 yake tsayawa da baƙin gefe, kuma yana da Easy Anti-Cheat, wato manhajar hana maguɗi, masu gyara shi sai sun kashe wannan sun buga ba onlayin. A gem na kai kaɗai ba laifi ka gwada, amma wanda ake bugawa da mutane kar ka taɓa, ana iya rufe maka akawun a kan haka.