Rasit ɗin ƙaramin shago: abin da doka ta ce a rubuta, da inda hatimi zai zauna

Kwanakin baya wani maƙwabcina ya kawo mini rasit ɗin fankokin da ya sayo, ɗaya ta ƙi tashi, yana so ya mayar. Sunan shagon na nan a sama da manyan baƙaƙe, har da hoton kwan fitila. A tsakiya an rubuta "kayan wuta" kawai, babu adadi, babu farashin guda. A ƙasa kuma yaron shagon ya danna hatimi daidai kan jimillar kuɗin, shuɗin tawada ya cinye lambobi biyu na tsakiya. Ni da shi muka ɗaga takardar a hasken rana, muka kasa rabe ko 190,000 ce ko 150,000. Mai shagon ba macuci ba ne. Takardar da aka buga masa ce ba ta bar wa hatimi wuri ba, sai ya sauka inda ya samu.

Da yawa daga masu shaguna suna ɗauka rasit alfarma ce da ake yi wa mai saye idan ya nema. A Najeriya doka ba ta ɗauke shi haka ba. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta faɗa a sashe na 118 cewa duk mai sayarwa zai ba mai saye rubutacciyar shaidar kowane ciniki, sai fa inda yin hakan ba zai yiwu ba. Ba wanda zai nemi mai ƙosai a bakin titi ta yanka rasit na naira ɗari biyu. Amma wanda ke da shago da tebur da aljihun kuɗi, yana sayar da fanka da waya, da wuya ya ce ba zai yiwu ba.

Sashen bai tsaya nan ba, ya lissafa mafi ƙarancin abin da za a gani a takardar. Akwai cikakken sunan mai sayarwa ko sunan kasuwancin da ya yi wa rajista, da adireshin wurin da aka sayar da kayan, da kwanan wata. Sai sunan kayan ko siffarsu, da farashin guda ɗaya, da yawan da aka saya. Daga nan sai kuɗi a layi uku: jimilla kafin haraji, adadin harajin idan akwai, sannan jimillar ƙarshe da haraji a ciki. Ka lura ba a ambaci hatimi ba ko sau ɗaya. Rasit ɗin maƙwabcina yana da hatimi, amma ya rasa sunan kaya, ya rasa farashin guda, ya rasa yawa, wato abubuwa uku da doka ta nema.

Kafin a je wurin mai buga takardu, a raba tsakanin inbois da rasit, don a kasuwa sau da yawa littafi ɗaya ake yi wa duka. Inbois takardar neman biya ce: ga kayan da na ba ka, ga abin da nake bin ka. Rasit kuwa shaida ce cewa kuɗi sun shiga hannu. Idan ciniki hannu da hannu ne, takarda ɗaya ta wadatar. Rikici yana tasowa ne a cinikin bashi, inda mai saye ya riƙe takarda mai suna rasit alhali rabin kuɗi ya bayar. Bayan wata uku kowa na rantsuwa a kan gaskiyarsa, takardar kuma tana bayan wanda bai biya ba. Shi ya sa nake ganin ko littafi ɗaya za a buga, dole a ƙara layi biyu a ƙarƙashin jimilla: abin da aka biya, da saura.

Bari mu cika takardar da cinikin maƙwabcin nawa, yadda ya kamata a ce an yi. Fankar sama guda 3, kowace 38,000, ya kama 114,000. Naɗin waya guda 2, kowane 27,500, ya kama 55,000. Kwan fitila guda 20 a kan 1,200, ya kama 24,000. An haɗa ya zama 193,000. Ya nemi ragi aka sauke masa 3,000, kuma ragin nan layinsa daban, kada a goge farashi a sake rubutawa. Jimilla kafin haraji ta zama 190,000.

Layin haraji ne inda ƙananan shaguna suka fi yin kuskure, kuma ta fuska biyu. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun 1 ga Fabrairu 2020. Amma tun lokacin aka ɗauke wa ƙananan 'yan kasuwa nauyin karɓarsa: a da, wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairu 2026, sun ɗaga iyakar zuwa cinikin miliyan 100 a shekara, muddin kadarorin kasuwancin ba su wuce miliyan 250 ba. Ciniki ake nufi, ba riba ba, kuma mai sayar da siminti ko buhunan kaya zai iya haura wannan iyaka bai ankara ba. To idan shagon yana ƙasa da iyakar kuma ba ya karɓar VAT, sai a rubuta sifili a layin, ko a ja masa layi, jimillar ƙarshe ta tsaya 190,000. Kuskure na farko shi ne wanda ya ga manyan kantuna suna sa VAT, shi ma ya sa don takardarsa ta yi kwarjini, ya karɓi kuɗin ya zuba a aljihu. Kuɗin nan na gwamnati ne, duk wanda ya karɓa sai ya miƙa, rasit ɗin da ya yanka da hannunsa kuma shi ne shaidar da za a kama shi da ita.

Kuskure na biyu na wanda ya haura iyakar ne. Shi zai ɗora 14,250 a kan 190,000, jimilla ta zama 204,250, kuma takardarsa sai ta ɗauki lambar harajinsa ta TIN, da sunan mai saye, da kason harajin a rubuce, da lambar takarda da ke bin juna a jere. Sau da yawa irin wannan ɗan kasuwa ya riga ya daidaita da mai saye a kan 190,000 ɗin gaba ɗaya, da haraji a ciki. A nan ba a cire kashi 7.5 daga 190,000, raba ta ake yi da 1.075. Kuɗin kaya ya zama 176,744.19, haraji ya zama 13,255.81. Wanda ya rubuta 14,250 a nan ya biya kusan naira dubu daga ribarsa a ciniki ɗaya.

Yanzu batun fitowar jimilla. Doka ba ta ce a yi ta da manyan lambobi ba, amma tun da adadi uku ko biyar za su jeru a wuri ɗaya, dole ido ya san wanda zai fara kamawa. A takarda mai girman A5, a jera layukan kuɗi a ƙasa ta hannun dama, ƙarƙashin ginshiƙin kuɗin kaya, yadda sifili zai hau kan sifili. Jimillar ƙarshe kaɗai za a kewaye da akwati mai kaurin layi, a ba ta tsayi kamar ninki biyu na sauran. Kada a cika akwatin da baƙi ko launi mai duhu, domin biro ba ya fita a kai, kwafin kabon da ke ƙasa kuma sai ya zama duhu kawai. A ƙarƙashinta a bar dogon layi na rubuta adadin da kalmomi: naira dubu ɗari da casa'in kacal. Ana iya mayar da 1 ta zama 7 da jan biro ɗaya, amma kalmomi ba sa gyaruwa cikin sauƙi. Maƙwabcina ya ba da 120,000 a ranar, don haka layin saura zai nuna 70,000, da ranar da aka yi alkawarin cikawa.

Hatimi kuma a ba shi hannun hagu, nesa da lambobi. Hatimin roba mai zagaye yakan kai wajen santimita 4, kuma babu yaron shagon da ke danna shi daidai tsakiya lokacin da mutane suka cika gaban tebur, don haka a zana masa fili na santimita 5 tsawo da faɗi, a bar shi fari tas. Sa hannu da kwanan wata su ratsa gefen hatimin. Hatimi kaɗai ba ya tabbatar da komai, tun da da kuɗi kaɗan ake sassaƙa irinsa, sa hannun ne ke nuna wanda ya karɓi kuɗin. Idan shagon na da hatimi na biyu mai cewa an biya, kada a taɓa danna shi sai layin saura ya koma sifili. Na ga inda aka danna shi don kawai an karɓi kafin alƙalami, mai shagon kuma ya yi asarar ragowar.

Akwai wani abu na uku da mutane ke rikita shi da hatimi, wato kan sarki. Wannan haraji ne a kan takarda, tushensa dokar 1939, kuma shi ya sa tsofaffin rasit na haya da na cinikin gida suke ɗauke da kan sarki a manne, an rattaba hannu da kwanan wata a kansa don kada a ɓamɓare a sake amfani da shi. A 2020 hukumar tara haraji ta tarayya ta bayyana shi a matsayin naira 50 a kan rasit na naira 10,000 zuwa sama. Naira 50 ɗin da banki ke cira idan an tura 10,000 ko fiye daga wannan tushen ta fito, kuma daga 2026 mai turawa ne ke biyanta. Kamfanoni da ofisoshi sukan nemi a manna kan sarki a rasit kafin su karɓe shi cikin lissafinsu, don haka ɗan fili na santimita 3 kusa da wurin sa hannu ba zai rage ka da komai ba.

Layin nan da masu buga takardu ke sakawa a can ƙasa ba tare da an tambaye su ba, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, a ce musu su cire. Dokar 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka fito da aibi cikin wata uku, kuma rubutu a gindin rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Abin da ya fi amfani a wurin shi ne layin lambar jikin kaya, ga mai sayar da fanka, waya ko janareta. Da an rubuta ta, da babu musu a kan ko fankar da ta ƙi tashi daga shagon ta fito.

Kowace takarda ta zo da lamba bugaggiya, asali ga mai saye, kwafi ya zauna a littafi. Idan an yi kuskure a rubutu, kada a yage, a ja layi biyu a rubuta an soke, a bar asali da kwafi tare a manne a cikin littafin. Wanda kuma ke amfani da ƙaramar na'urar buga rasit mai takardar zafi, ya sani rubutunta yana dushewa cikin 'yan watanni, musamman a zafin Afrilu cikin aljihun mota. A cinikin bashi ko kaya masu garanti, ya haɗa wa mai saye da na littafi.