Kama kujerar jirgi ba tare da biya ba, da abin da ke faruwa idan wa'adi ya cika

A tashar mota, ko a Gombe ko a Bauchi, ba baƙon abu ba ne matafiyi ya ajiye jakarsa a kan kujera, ya ce wa ɗan kamasho zai je ya ciro kuɗi ya dawo. Idan ya daɗe, motar kuma ta cika, sai a sauke jakar a ba wani wurin. Kamfanonin jiragen sama suna da irin wannan tsari, sai dai nasu a rubuce yake, yana da sa'a da minti, kuma kwamfuta ce take zartar da shi, wadda ba a roƙonta ta ƙara haƙuri.

A shafukan kamfanonin jiragen cikin gida, bayan mutum ya zaɓi rana da jirgi ya shigar da sunansa, akan nuna masa hanyoyin biya, kuma a cikinsu sau da yawa akwai wadda aka rubuta wa `Book on Hold` ko `Pay Later`. Idan ya zaɓe ta, kamfanin zai buɗe masa rajista, ya ba shi lamba mai haruffa da alƙaluma shida wadda ake kira `PNR`, ya cire kujera ɗaya daga waɗanda ake sayarwa, sannan ya aiko masa da saƙon imel mai ɗauke da lokacin da dole a kammala biya. Wannan saƙo ba tikiti ba ne, duk da cewa yana ɗauke da suna da lambar jirgi da lokacin tashi, kuma kamanninsa kan ruɗi wanda bai saba ba. Tikiti yana da tasa lambar mai alƙaluma 13, waɗanda uku na farko suke nuna kamfanin da ya fitar da shi. Muddin takarda ba ta da wannan lamba, mai ita bai sayi komai ba tukuna.

Tsawon wa'adin yana cikin sharuɗɗan kamfani, kuma ya bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan, har ma daga wannan jirgi zuwa wancan a kamfani ɗaya. Abin da aka saba gani shi ne, yadda ranar tafiya take matsowa haka wa'adin yake raguwa, domin kamfani ba zai so kujerar jirgin gobe ta kwana a hannun wanda bai biya ba. Akwai masu cewa doka ta ba kowane matafiyi awa 24, kuma maganar tana da tushe, amma tushen na Amurka ne. Tun shekarar 2012 ma'aikatar sufuri ta ƙasar ta wajabta wa kamfanonin da suke jigila a cikinta, ko zuwa cikinta, ko fita daga cikinta, ɗayan abu biyu: ko dai su riƙe wa mutum kujera a kan farashin da aka gaya masa har awa 24 ba tare da biya ba, ko kuma su yarda ya soke abin da ya biya cikin awa 24 su mayar masa da kuɗinsa duka. Kamfani ne yake zaɓar wanda zai bayar, kuma ƙa'idar tana aiki ne idan an kama kujerar aƙalla kwana 7 kafin tashi, kai tsaye daga kamfanin. Wanda zai tashi daga filin jirgin Lawanti zuwa Abuja, ko daga Kano zuwa Jidda, ba ya ƙarƙashin wannan ƙa'ida, abin da yake da shi kawai shi ne lokacin da aka rubuta masa a saƙo.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Gombe, da farashi na misali kawai. Ranar Talata da ƙarfe 10 na safe ya kama kujerar jirgin Juma'a zuwa Abuja a kan naira 120,000, saƙon kuma ya ce wa'adi zai cika ƙarfe 4 na yammacin ranar. Yana jiran wani ciniki ya faɗa, sai bai samu kuɗin ba sai bayan la'asar. Da ƙarfe 3:52 ya tura kuɗin ta manhajar banki, aka cire daga asusunsa, alat ya shigo, ya ɗauki hoton risit ya ajiye waya ya koma shago hankalinsa kwance. Amma sabis yana jan ƙafa a ranar, tabbacin biyan bai isa ga kamfanin ba sai ƙarfe 4:07.

A cikin mintuna bakwai ɗin nan da suka wuce wa'adi komai ya riga ya sauya. Da ƙarfe 4 ya buga, kwamfutar kamfanin ta duba rajistar, ba ta ga lambar tikiti a jikinta ba, sai ta soke ta, ta mayar da kujerar kasuwa. Wa'adin ba ya auna lokacin da kuɗi ya bar asusun matafiyi, yana auna lokacin da kamfani ya tabbatar da biya ya fitar da tikiti. A ganina a nan ne mafi yawan rigimar da ake yi a gaban kantar kamfani take samo asali, domin matafiyi yana nuna risit mai 3:52, ma'aikaci yana nuna allo mai 4:07, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Da ya kira ofishin kamfanin washegari, ma'aikaciyar da ta ɗauka ta ce masa: "Alhaji, akwai wuri a jirgin, amma wancan farashin ya ƙare, wanda ya rage na 155,000 ne." Wannan magana tana buƙatar bayani, domin a ido kujerun duk iri ɗaya ne. Kamfani yakan raba kujerun jirgi ɗaya zuwa rukuni-rukuni na farashi, kowane rukuni da harafinsa da adadin kujerun da aka ware masa. Ana fara sayar da mai araha, idan ya ƙare a hau na sama da shi. Kujerar da ɗan kasuwar ya kama tana cikin na ƙarshe a rukuni mai araha, da aka sake ta kuwa wani ya saye. Saboda haka idan yana son tafiyar sai ya cika naira 35,000, in kamfanin ya yarda ya juya kuɗin da ya riga ya shiga zuwa sabuwar rajista. Idan bai yarda ba, sai ya biya 155,000 daga aljihu, ya jira a mayar masa da na farko.

Kuɗin farkon ba ya zama na kamfani, tunda bai sayar da komai a kansa ba. Abin da yake hanzarta dawowarsa shi ne mutum ya rubuta koke, ya haɗa da lambar `PNR` ɗin da ta mutu, da adadin kuɗin, da lokacin da aka tura, da doguwar lambar nan ta `Session ID` da take jikin risit ɗin tiransifa, domin da ita ake bin sawun kuɗi tsakanin banki da banki. Idan kamfani ya yi shiru, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinjoji da ake kai wa ƙorafi. Sai dai ya kamata a san abin da ake nema: dawo da kuɗin da aka karɓa ba a ba da tikiti ba haƙƙi ne, amma tilasta wa kamfani ya dawo da tsohon farashi bayan wa'adi ya cika abu ne da sharuɗɗan da mutum ya amince da su ba za su goya masa baya a kai ba.

Wanda bai tura ko sisi ba kuwa, cikar wa'adi ba ta jawo masa bashi ko tara, rajistar ce kawai take mutuwa. Abin ya bambanta idan kamun na kuɗi ne, irin wanda wasu kamfanonin ƙasashen waje suke sayarwa, inda mutum zai biya wani ɗan abu a daskare masa farashi na kwana biyu ko uku. Kada a ɗauka wannan kafin alƙalami ne da dole a cire daga kuɗin tikiti. A wasu kamfanonin ladan riƙo ne kawai, kuma idan wa'adi ya wuce ba a saya ba, galibi ba ya dawowa.

Ga masu tafiya Umara ko fatauci ta hannun ejan, akwai ƙarin abu ɗaya. Ejan yana kama kujera ne a manhajojin da ake sayar da tikitin duniya, irin su Amadeus da Sabre, kuma a can riƙe kujera daban, tabbatar da farashi daban. Kujera tana iya nuna `HK`, wato an tabbatar da ita, amma farashin ba ya tsayawa sai an fitar da tikiti. Tikitin ƙasar waje da dala ake lissafa shi sannan a juya zuwa naira, don haka farashin da ejan ya faɗa ranar Litinin zai iya sauyawa ranar Laraba ba tare da kamfanin jirgi ya ƙara ko dala ɗaya ba. Waɗanda suka yi harkar tafiya bayan Babban Banki ya saki darajar naira a watan Yunin 2023 sun ga wannan da idonsu. Kamfanin jirgi kuma yana iya aiko wa ejan sabon wa'adi da ya fi na farko gajarta, idan aka saɓa masa sai layin ya koma `HX`, an soke ke nan. Haka kuma ya kamata a tambayi da agogon wace ƙasa aka rubuta lokacin, tunda Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku.

Wasu sukan yi dabarar sake kamawa duk lokacin da wa'adi ya kusa, ko su sa ejan biyu su kama musu jirgi ɗaya da suna ɗaya. Kamfanoni suna da tsarin gano rajista mai maimaici, suna iya soke ɗaya ko duka biyun, kuma sukan ci ejan tara idan ya yawaita kamawa da sokewa. Shi ya sa ejan nagari yakan ƙi sabunta kamu karo na uku ko da Alhaji tsohon abokin ciniki ne. Haka ma takardar kamu da ake liƙawa a takardun neman biza tana rayuwa ne daidai tsawon wa'adinta, idan jami'in ofishin jakadanci ya duba lambar bayan mako biyu ba zai tarar da komai ba.

Hanyar gane matsayin kujera ba ta wuce minti biyu. Mutum ya shiga shafin kamfanin jirgin da kansa, ya buɗe `Manage Booking`, ya sa lambar `PNR` da sunan ƙarshe yadda aka rubuta shi a rajista. Idan ya ga lokacin biya, yana cikin riƙo har yanzu. Idan shafin ya ce bai sami rajistar ba, ko ya nuna ta babu jirgi a ciki, ta mutu. Idan ya ga lamba mai alƙaluma 13 a gefen sunansa, an fitar da tikiti, kuma daga nan dokokin soke tikiti da sauya rana ne suke aiki a kansa, waɗanda suka bambanta da na riƙo.